Dubu Hamsin ɗin Hajiya: Abin da Rasidin Kwamiti Ya Kamata Ya Faɗa

Duk wanda ya taɓa tura gudummawar ginin masallaci ko haƙa rijiya ya san irin saƙon da ke biyo baya: "Mun ga alat, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara buɗi." Sai mai bayarwa ya amsa da amin. Bayan wata shida kuma ya fara tambayar kansa a ɓoye, ina kuɗin suka shiga? Kunya ba za ta bar shi ya tambayi kwamiti ba, kada a ce yana zargin dattawa. Amma ranar da aka sake zuwa neman taimako, sai ya noƙe.

Saƙon farko bai yi laifi ba, aikinsa ne bai cika ba. Mai bayarwa yana da haƙƙin saƙo biyu. Na farko rasidi ne na ranar da kuɗi suka shigo: nawa aka karɓa, yaushe, don wane aiki, wa ya karɓa. Na biyu yana zuwa bayan an kashe kuɗin, kuma a nan ne ma'aji da sakatare suka fi yin tuntuɓe.

A ɗauka wani kwamitin unguwa ya tara naira 3,000,000 don haƙa rijiyar burtsatse mai sola da tankuna biyu, wata Hajiya kuma ta ba da naira 50,000. Bayan an gama, sakatare ya rubuta mata: "Hajiya, albishirinki! Kuɗinki sun sayo tanki, yanzu dubban mutane suna shan ruwa ta dalilinki. Duk abin da aka tara an sa shi a aiki."

Saƙon yana da daɗin ji, amma akwai abu uku a cikinsa da ba za su jure bincike ba. Kuɗin Hajiya sun shiga asusu ɗaya da na sauran jama'a, don haka babu mai iya nuna cewa nata ne suka sayi tanki. In an faɗa wa mutum goma haka, tanki ɗaya ya sami masu shi goma. "Dubban mutane" kuwa babu wanda ya ƙirga su. Sannan "duk an sa a aiki" ya rufe wani abu da ya faru: ramin farko da aka haƙa bai ba da ruwa ba, ya ci naira 400,000, shi ya sa tanki ɗaya kawai aka iya kafawa.

Ga yadda saƙon zai kasance idan aka gyara shi:

"Assalamu alaikum Hajiya. Wannan bayani ne kan naira 50,000 da kika bayar don rijiyar unguwa. Jimillar abin da aka tara naira 3,000,000 ne, naki kashi ɗaya cikin sittin ke nan. Ramin farko bai ba da ruwa ba, ya ci 400,000. Rami na biyu, wanda ya yi ruwa, 1,200,000. Injin tura ruwa da sola 850,000. Tanki ɗaya da ƙarfen ɗora shi 300,000. Sufuri da cajin banki 70,000. An kashe 2,820,000, saura 180,000 a asusun kwamiti. Mun yi alkawarin tankuna biyu, ɗaya muka iya. Muna neman izininki a ajiye ragowar don gyaran inji. In ba ki amince ba, rabonki a ciki naira 3,000 ne, za mu mayar miki. Rasidan 'yan kasuwa suna wurin ma'aji ga mai son dubawa. Allah Ya karɓa, Ya sa a mizani."

Abin da ya fara bambanta wannan saƙo da na farko shi ne lissafinsa ya rufe. Abin da aka kashe da abin da ya rage, in an haɗa su, sun koma daidai abin da aka tara. Wannan gwaji ne da kowa zai iya yi da kalkuletar wayarsa, kuma da shi ake gane saƙon da ke da ɓoyo. Alama ta biyu ita ce kalmar "da sauransu". Idan layin "da sauransu" ya fi kuɗin tanki nauyi, to akwai abin da aka cusa a ƙarƙashinsa.

Layin sufuri da caji ma da gangan aka bar shi a fili. Kwamitoci da yawa suna jin nauyin ambaton kuɗin mota da na kati, sai su narkar da su cikin farashin kaya. Ba su da dalilin jin nauyi: aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa ma'aikatan zakka cikin kashi takwas da ake bai wa zakka. Gudanar da aiki yana cin kuɗi. Abin da ke ɓata shi a ce bai ci ba.

Batun ragowa shi ya fi wuya, har manyan ƙungiyoyin duniya sun sha da ƙyar a kansa. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta tara sama da dala miliyan 500 a wani asusu na musamman. Da ta bayyana cewa za a ware wani kaso don wasu buƙatu na gaba, masu bayarwa suka harzuƙa, domin su iyalan waɗanda harin ya shafa suka nufa. Shugabar ƙungiyar, Bernadine Healy, ta sanar da murabus a watan Oktoba, a Nuwamba kuma ƙungiyar ta janye shirin. Ba sata ce ta jawo rikicin ba, sauya wa kuɗi hanya ne ba tare da an tambayi masu su ba.

Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bi wata hanyar bayan ambaliyar tsunami ta Disambar 2004. Kwanaki kaɗan da aukuwar bala'in ta sanar cewa abin da ta samu ya ishi aikinta a can, ta daina karɓar gudummawa da sunan tsunami. Daga nan ta tuntuɓi masu bayarwa tana neman izinin kai rarar wasu wurare, ta mayar wa 'yan kaɗan da suka ƙi kuɗinsu. Cikin wuraren da rarar ta amfana har da Nijar, inda tamowa ta addabi yara a 2005. Jimlar neman izini da ke cikin saƙon Hajiya ƙaramin samfurin wannan ne. Ta fi zama dole idan zakka ce aka bayar, domin zakka tana da gurabenta, ba a juya ta zuwa gyaran inji don kwamiti ya ga dama. Shi ya sa tun a rasidin farko ake rubuta ko kuɗin zakka ne, ko sadaka, ko wakafi.

Saƙon yana da iyakarsa. Shi kaɗai ba hujja ba ne, domin maƙaryaci ma ya iya jera alƙaluma. Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne a iya gwada shi da bayanin asusun banki da rasidan 'yan kasuwa, kuma wanda ya duba lissafin ya zama ba shi ne ya riƙe kuɗin ba. Gaskiya kuma ba ta buƙatar tonon asiri. Idan tallafin marayu ne ko kuɗin asibiti, a faɗi adadin gidaje da abin da aka kashe, ba sai an sa sunaye da hotunan fuskokin yara ba.

A aikin da zai ɗauki watanni, ba a jiran ranar buɗe famfo. Ranar da mai haƙa ya ce ramin farko babu ruwa, ranar ya kamata sakatare ya ɗauki waya ya sanar da Hajiya da sauran masu gudummawa, tun kafin a taɓa kuɗin rami na biyu.