Kasuwar Uniswap: Canji Ba Tare da Dillali Ba

A kasuwar hannun jari, mai saye da mai sayarwa kowa yana rubuta farashinsa a kundi, sai sun daidaita ciniki ya faɗa. Uniswap, wadda Hayden Adams ya ƙaddamar a kan Ethereum a 2018, ta ajiye wannan kundin gefe.

A madadinsa akwai rumbu mai ɗauke da sulalla iri biyu, wanda masu jari suka cika. Manhaja ce ke tsaronsa da doka ɗaya: idan aka ninka adadin wannan sulalla da na wancan, amsar ba ta canzawa.

A ce rumbun yana da ETH 10 da USDC 20,000. Ninkinsu 200,000 ne, farashin ETH ɗaya kuwa 2,000. Wani ya zo sayen ETH ɗaya, saura 9 ke nan. Domin ninkin ya tsaya yadda yake, dole USDC ya kai kusan 22,222, wato mai sayen zai zuba 2,222. Yawan abin da ya kwasa daga ƙaramin rumbu ne ya jawo masa ƙarin 222 ɗin, shi ya sa mai lura yake duba girman rumbu kafin ya taɓa shi.

A farkon tsarin Uniswap na biyu, masu jarin sun riƙa raba ladan kashi 0.3 cikin ɗari na kowane ciniki. Sai dai idan ETH ya yi tsada a waje, 'yan kasuwa za su yi ta kwasarsa da araha har farashin ya daidaita, su bar rumbun da tarin USDC. Wani lokaci ladan ba ya cike wannan giɓin.