Hanyar da ke kuskuren lissafi, take dace da amsa

Naive Bayes hanya ce ta rarraba rubutu, kamar tace saƙon damfara daga na kirki. Tana ɗaukar kowace kalma kamar ba ruwanta da sauran, muddin an san rukunin saƙon. Wannan zato ba gaskiya ba ne, domin “lambar” da “asusu” tare suke tafiya.

A ɗauka saƙonnin damfara da na kirki yawansu ɗaya, kuma “lambar asusu” ta fi fitowa a na damfara ninki 4. Lissafin gaskiya zai ba da kashi 80 cikin 100. Ita kuwa sai ta ƙirga shaidar sau biyu, 4 sau 4, wato 16, ta ce kashi 94. Adadin ya kumbura, amma hukuncin bai sauya ba: damfara ce. Abin da ake nema shi ne rukunin da ya rinjaya, shi ya sa take dacewa. Ga shi misalai kaɗan sun ishe ta koyo, tunda ƙirga kalmomi kawai take yi.

Inda take tuntuɓe shi ne idan shaidar da aka ninka ta danne wata mai ƙarfi. A ce sunan mai aikowa ya nuna saƙon kirki ne ninki 8: ya fi 4, amma bai kai 16 ba, sai a jefar da saƙon halal cikin shara.