Neman hutun jarrabawa da albashi: me ya kamata takardarka ta ƙunsa?

Duk wanda ke aiki a yankin Gubi, ko a harabar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke kan hanyar Ningi, ko a matatar ruwan da ke shayar da garin Bauchi daga madatsar Gubi, ko a wani kamfani mai zaman kansa, ya san cewa digiri kaɗai ba ya kai mutum inda yake so. Akanta na neman shaidar ICAN ko ANAN, malamin makaranta na neman ta TRCN, injiniya kuma rajistar COREN. Kuɗin rajista a iya tara shi da adashi. Abin da ke gagara shi ne lokaci, domin yawancin jarrabawar nan a ranakun aiki ake rubuta su, wani sa'in ma a wani gari. Daga nan sai a zauna rubuta wa manaja takarda, kuma a nan ne da yawa ke ɓata lamarinsu tun a layin farko.

Kuskuren shi ne neman abin da ba shi ake bukata ba. Mutum zai rubuta jarrabawar kwana uku, sai ya rubuta cewa yana neman "hutun karatu da albashi". A kunnen jami'in kula da ma'aikata, hutun karatu na nufin barin aiki na watanni ko shekaru don yin kwas, kamar wanda zai tafi Kwalejin Akantoci ta ANAN da ke Kwall a jihar Filato. Irin wannan hutu yana da sharuɗɗa masu nauyi: sai an tabbatar da kai a aiki, sai kwamiti ya zauna, sai ka sa hannu a takardar alkawarin dawowa ka yi wa ma'aikatar aiki na wani lokaci. Idan ka kira 'yan kwanakinka da wannan suna, ka jefa fayil ɗinka cikin dogon layi, kuma ana iya gama jarrabawar kwamitin bai zauna ba. Abin da kake nema sunansa hutun jarrabawa, kuma da wannan suna ya kamata kanun takardar ya fito.

Kafin ka ɗauki biro, ka san ko haƙƙi kake nema ko alfarma. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta yi maganar hutun shekara, aƙalla kwana 6 na aiki bayan wata 12 ana aiki ba yankewa, ta kuma yi maganar hutun rashin lafiya har kwana 12 da albashi. Amma ba ta tilasta wa mai kamfani ya ba da hutun karatu ko na jarrabawa ba. Don haka ma'aikacin kamfani ba shi da madogara sai takardar ɗaukarsa aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikata, idan akwai. In akwai sakin layin da ya ambaci jarrabawa, ka kawo lambarsa a takardarka. In babu, to alfarma kake nema, kuma muryar takardar ta nuna ka san haka.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya ya fi na kamfani gata. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun bambanta jarrabawar da sharuɗɗan aikinka suka wajabta maka da wadda kai ka ga dama ka shiga. Ko a ta biyun ana iya ba da hutu da cikakken albashi, muddin shugaban ma'aikatar ya gamsu cewa cin jarrabawar zai ƙara maka amfani ga aikin, kuma ka nuna shaidar rajista da jadawalin jarrabawa. Sai dai hutun gajere ne: kwanakin zuwa, da na rubutawa, da na dawowa. Kwanakin bita ba sa ciki. Jami'o'i da ma'aikatun jiha suna da nasu kundin, saboda haka ma'aikacin jami'a ya duba na jami'arsa, kuma takardarsa ta bi ta hannun shugaban sashe zuwa ga Magatakarda. A ganina ko ma'aikacin kamfani ya ari wannan tsari, domin tambayoyi ukun nan su ne ke ran kowane manaja: me zai amfana, ina shaida, kwana nawa.

Mu ɗauki misali. A ce wani ma'aikacin sashen kuɗi ne a wani kamfani, yana zaune a Gubi, albashinsa naira 132,000 a wata. Ya yi rajistar matakin tsakiya na jarrabawar ICAN, zangon Nuwamba, kuma cibiyar da aka ba shi tana Jos. Jadawali ya nuna zai rubuta daga Talata 11 zuwa Alhamis 13 ga wata. Zuciyarsa na son wata guda cur. To amma ya yi lissafin da manaja zai yi. Idan aka raba albashinsa a kan kwana 22 na aiki, kowace rana naira 6,000 ce. Wata guda na nufin kamfani ya biya 132,000 ba a ga ƙeyarsa ba, kuma hutun zai haɗiye ƙarshen wata, lokacin shirya albashi da daidaita lissafin banki, wato daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Da wuya a amince.

Sai ya raba bukatar gida biyu. Kashi na farko shi ne makon jarrabawa: Litinin ta tafiya, kwana uku na rubutu, Juma'a ta dawowa. Kwana biyar ke nan, naira 30,000, kuma kowace rana tana da hujjar da za a gani a takarda. Kashi na biyu shi ne kwana biyar na bita a makon da ya gabace shi. Wannan ba shi da hujja sai alfarma, don haka ya roƙa, ya kuma buɗe wa manaja ƙofa: idan ba zai yiwu ba, a cire daga hutunsa na shekara. Hikimar rabawar ita ce manaja na iya ƙin rabi ba tare da ya ƙi duka ba. Wanda ya dunƙule bukatarsa wuri guda, amsa ɗaya zai samu, kuma sau da yawa a'a ce.

Ga yadda takardar za ta kasance. Ko da Turanci ofishinku ke aiki, ƙashin bayanta ɗaya ne.

Zuwa ga Manaja,
Ta hannun Shugaban Sashen Kuɗi.

Ranka ya daɗe,

Neman hutun jarrabawa da albashi, 3 zuwa 14 ga Nuwamba

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin hutun kwana goma na aiki domin rubuta jarrabawar ICAN a cibiyar Jos. Jarrabawar za ta gudana daga Talata 11 zuwa Alhamis 13 ga Nuwamba. Ina roƙon Litinin 10 zuwa Juma'a 14 a matsayin hutun jarrabawa da albashi, har da ranar tafiya da ta dawowa. Ina kuma roƙon Litinin 3 zuwa Juma'a 7 domin bita. Idan ba zai yiwu a ba ni waɗannan biyar ɗin da albashi ba, na amince a cire su daga hutuna na shekara.

Darussan da zan rubuta sun haɗa da haraji da shirya rahoton kuɗi, waɗanda su ne aikin da nake yi a wannan sashe. Zan kammala daidaita lissafin banki na Oktoba kafin tafiyata. Abokin aikina na sashe ya amince ya riƙe biyan kuɗin yau da kullum, kuma zan bar masa takardar miƙa aiki. Zan dawo bakin aiki ranar Litinin 17 ga wata, kafin a fara shirya albashin Nuwamba.

Na haɗa kwafin shaidar rajista, da rasit, da jadawalin jarrabawa. Zan miƙa sakamako da zarar ya fito. Ina roƙon amsa a rubuce kafin 20 ga Oktoba domin in shirya masauki.

Na gode, Allah ya ƙara girma.
Suna, lambar ma'aikaci, sa hannu da kwanan wata.

Ka lura da abin da babu a ciki. Babu labarin tsadar rayuwa, babu lissafin shekarun da aka yi ana bauta wa kamfani ba ƙarin girma. Wannan maganar wata rana ce da wata takarda. Babu kuma batun cewa shaidar za ta buɗe masa ƙofofi, domin manaja ya san ƙofar farko da za ta buɗe ita ce ta fita daga kamfaninsa, ba sai an tuna masa ba. Sakin layi na biyu shi ne zuciyar takardar. Manaja bai damu da 30,000 ba kamar yadda ya damu da wa zai zauna a kujerar nan in mai kawo kaya ya zo karɓar kuɗinsa ranar Laraba. Sai dai kada ka ambaci abokin aiki kafin ka yi magana da shi. Idan manaja ya kira shi ya ce bai san zancen ba, takardar ta mutu nan take.

Layin nan na "ta hannun" ma ba ado ba ne. Shugaban sashe shi zai rubuta a gefen takardar cewa ya goyi baya, kuma tsallake shi ya sha kashe bukatun da ba su da aibi. Ka same shi baki da baki tukuna, ka ji ra'ayinsa a kan kwanakin, sannan ka rubuta. Ka kuma miƙa da wuri, mako shida ko fiye. Idan jadawali bai fito ba, shaidar rajista ta isa a fara, ka ce za ka kawo jadawalin daga baya.

Wani lokaci amsar kan zo da sharaɗi, musamman in kamfani zai biya kuɗin rajista: ka sa hannu za ka zauna shekara ɗaya ko biyu, in ka tafi ka biya. Ba laifi ba ne, amma ka karanta da idon basira. Nawa za ka mayar, albashin kwanakin ne kawai ko har da kuɗin rajista? Adadin na raguwa yayin da watanni ke wucewa? In kamfanin ne ya sallame ka fa? In ba a ci jarrabawar ba, za a sake ba da hutu a zango na gaba? A misalinmu, ɗaure kai na shekara biyu saboda hutun da bai wuce 60,000 ba ciniki ne na faɗuwa. Gara a ɗauki bitar daga hutun shekara a zauna lafiya.

Abin da ya fi cutar da mutane shi ne izinin baki. An haɗu da manaja bayan sallar Azahar, ya ce "Ba komai, Allah ya ba da sa'a", sai mutum ya kama hanyar Jos. Amma rajistar halartar aiki ba ta ji wannan addu'a ba, kuma mai shirya albashi da abin da ke cikin fayil yake aiki. A aikin gwamnati rashin zuwa aiki ba tare da izini ba babban laifi ne da kan jawo takardar tuhuma, har ma da kora. A kamfani kuwa mafi sauƙinsa a yanke albashin kwanakin. Shiru ma ba amincewa ba ne. Saboda haka ka yi kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata, in mako biyu ya wuce ka bi sawu cikin ladabi. Kada ka shiga mota sai amsar da aka sa wa hannu tana aljihunka, kuma ka duba ta nuna kwanakin da aka amince da su, da cewa da albashi ne.