Lissafi Miliyan a Taki Ashirin da Biyar

A ce an jera lamba 3 har guda 13, aka ce ka ninka su da juna, abin da masana lissafi ke rubutawa 3^13. Yawancinmu za mu kama ɗaya bayan ɗaya: 3 sau 3, abin da ya fito sau 3, har ninki 12. Amsar za ta fito, amma an yi zagaye.

Ga gajeriyar hanya. Ninka 3 da kanta, ka sami 9, wato 3^2. Kada ka koma kan 3. Ninka 9 da 9, ka sami 81, wato 3^4. Sai 81 sau 81, ya ba da 6,561, wato 3^8. Ninki uku kacal, ka riga ka haɗiye 3 guda takwas. To, 13 ai 8 ce da 4 da 1, saboda haka sai ka haɗa: 6,561 sau 81 ya zama 531,441, shi kuma sau 3 ya zama 1,594,323. An gama da ninki biyar.

Biyar a maimakon 12 ba abin a buga ganga ba ne, sai lamba ta girma ake ganin amfanin dabarar. Duk sanda ka ninka lamba da kanta, tazarar da ka ci tana ruɓanyawa: 2, 4, 8, 16. Ke nan tsawon aikin ya dogara ne da sau nawa za a raba lambar saman nan biyu kafin ta dawo 1. Wannan adadi shi ake kira logaridim. Miliyan ɗaya, in ana rabawa ana yar da ragowa, sau 19 take rabuwa, sai a ƙara ninki shida na haɗe guntaye, jimla 25. Haɗin nan kuwa ba ya taɓa wuce yawan ruɓanyawar. Ka ninka lambar saman biyu ta zama miliyan biyu, taki ɗaya tak aikin zai ƙaru.

Dabarar tsohuwa ce, domin akwai ta a littafin Pingala na ƙasar Indiya tun kafin haihuwar Annabi Isa. Yau da ita tsarin ɓoye saƙo na RSA yake aiki, inda lambar saman kan kai tsawon alƙaluma 600 da ɗoriya, amma ninki kusan 4,000 ya ishe ta.

Sai dai akwai tarko. Takun kaɗan ne, amma lambobin kumbura suke yi, don kowace ruɓanyawa tana kusan ninka tsawonsu biyu, har kwamfuta ta fara jan ƙafa ko ta ba da amsar banza. Shi ya sa a RSA, tunda ragowar rabawa ake nema, bayan kowane ninki ake rabawa a riƙe ragowar kaɗai. Kuma ba kullum dabarar ke zama mafi gajarta ba: 3^15 ninki shida take ci da ita, alhali in ka fara samo 27, wato 3^3, sannan ka nemi 27^5, biyar sun wadatar.