Mafarauta Uku da Dila Guda: Yadda Labari Ke Koya wa Yaro Kallon Zane

A shekarar 1565 wani mai zane da ake kira Pieter Bruegel ya yi wa wani attajirin birnin Antwerp, Niclaes Jonghelinck, jerin zane-zane shida masu nuna yadda lokutan shekara ke juyawa. Biyar daga ciki suna nan har yau. Wanda ya fi shahara shi ne na mafarauta a cikin dusar ƙanƙara, wanda ke rataye a babban gidan adana zane na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya. A kan katako aka yi shi, faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya da rabi. Babu buƙatar yaro ya san ko harafi ɗaya kafin ya shiga cikinsa, shi ya sa ya dace da ɗan aji biyu ko uku da har yanzu yake harhaɗa baƙi da wasali da ƙyar.

Abin da aka saba yi da irin wannan zane shi ne malami ya rubuta sunan mai zanen da shekarar a allo, yara su kwafa, su haddace. Wanda bai iya karatu ba an bar shi a baya tun minti na farko. Wanda ya iya kuma ya tafi gida da suna da shekara, alhali bai kalli zanen ba. Labari yana gyara wannan, amma da sharaɗi guda: labarin ya fito daga cikin zanen, kuma duk abin da aka faɗa a iya ɗora masa yatsa.

Wannan sharaɗi yana da asali. Wata mai binciken yadda mutane ke fahimtar zane, Abigail Housen, da Philip Yenawine, wanda ya taɓa shugabantar sashen ilimi na gidan zanen zamani na birnin New York, sun tsara hanyar koyarwa da ta tsaya a kan tambayoyi uku kacal. Me ke faruwa a nan? Me ka gani da ya sa ka ce haka? Me kuma za mu iya ganowa? Ta biyun ita ce mai aikin. Ita ce ke mayar da yaro ga zanen duk lokacin da bakinsa ya fara gudu ya bar idonsa.

Mu ɗauka malama ta kafa zanen Bruegel a gaban aji. Abu na farko shi ne shiru. A ba yara minti ɗaya cur suna kallo, ba tambaya, ba bayani. Minti ɗaya yana da tsawo ga ɗan shekara bakwai, kuma malamai da yawa ba sa iya jure shi, sai su fara magana a daƙiƙa ta goma. Bayan nan sai ta tambaya me ke faruwa.

Idon yara zai fara sauka a gefen hagu, domin can Bruegel ya ajiye manyan siffofi masu duhu a kan farin fili: mutum uku sun ba mu baya, ɗauke da dogayen sanduna, garken karnuka na biye da su. Yaron da ya taɓa ganin 'yan farauta sun dawo gari da rani ba ya buƙatar a gaya masa ko su wane ne.

"Malama, 'yan farauta ne, sun gaji."

"Me ka gani da ya sa ka ce sun gaji?"

Yanzu dole ya tashi ya nuna. Zai nuna yadda suka sunkuyar da kai, da yadda ƙafafunsu suka nutse, da karnukan da suka yi laƙwas. Wata yarinya za ta lura cewa abin da suka samo bai taka kara ya karya ba: dila guda ce tak ke reto a bayan ɗaya daga cikinsu. Maza uku da karnuka masu yawa haka, dila guda! Daga nan labari ya samu ƙashin baya, kuma yara ne suka tono shi. In an matso kusa sosai, a gaban mafarautan akwai ɗan sawu a kan dusar ƙanƙarar, wanda masana da yawa ke cewa na zomo ne. Yara suna son wannan wuri ƙwarai, domin sun san zomo da wayo, sai ka ji aji ya ɗauki dariya: ya tsere musu.

Farin da ya rufe ƙasa shi ne inda ɗan ƙasar Hausa zai yi tuntuɓe. Wani zai ce yashi ne, wani ya ce auduga, wani gishiri. Kada malama ta yi saurin gyarawa. Ta tambaya me ya sa itatuwa ba su da ganye ko ɗaya, me ya sa kowa ya duƙunƙune cikin tufafi, me ya sa mutanen da ke ƙofar masauƙin baƙi a can hagu suka hura wuta mai ci bal-bal. Yara za su kai kansu ga sanyi, har su ambaci hunturu. Sai a lokacin ta fito da ƙullin ƙanƙarar da ta sayo a shago, ya zagaya hannu-hannu, ta ce musu a wannan ƙasa sanyi yakan kai ruwan tafki ya daskare har mutum ya yi tafiya a kansa. Wannan bayani ne da zanen ba zai iya bayarwa da kansa ba, don haka aikin malama ne. Tana iya ƙara musu cewa sanyin ƙarshen 1564 zuwa farkon 1565 ya yi tsanani sosai a yankin da Bruegel yake zaune.

Sai a gangara. Bruegel ya jera itatuwa suna ƙanƙancewa daga inda mafarautan suke zuwa gangaren tudu, kuma layin nan nasu yana jan ido ƙasa zuwa kwari. Malama ba ta buƙatar ta faɗi wata kalmar fasaha. Ta ce kawai, "Ina za su bi su isa gida? Zo ka bi hanyar da yatsanka." Yatsan zai bi itatuwan, ya sauka kan tafkunan da suka daskare, inda ƙananan mutane ke zamiya da wasanni, wani ma ya faɗi. Zai wuce wata mata da ke tsallaka gada da damin itace a ka, da injin niƙa na ruwa da ƙanƙara ta riƙe wa ƙafa. Can nesa akwai gidan da wuta ta kama bututun hayaƙinsa, mutane sun kafa tsani suna ƙoƙarin kashewa. Tafiyar yatsan ita ce tafiyar labarin, kuma yaron ya koyi yadda mai zane ke jan idon mai kallo tun kafin ya ji sunan dabarar.

Akwai abu guda da nake ganin bai kamata a yi sassauci a kansa ba. Cikin zancen aji akwai magana iri uku, kuma ya kamata yara su saba da bambanta su: abin da muka gani, abin da muke zato, da abin da malama ta sani daga waje. Dila guda, mun gani. Cewa iyalansu za su kwana da yunwa, zato ne, kuma zato mai kyau, amma a kira shi da sunansa. Cewa ƙasar Bruegel shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da irin tsaunukan nan masu tsini da ke can ƙarshen zanen, kuma ya gan su ne lokacin da ya ƙetare tsaunukan Alps a tafiyarsa ta Italiya, wannan sani ne daga waje. Idan aka cakuɗa ukun, yaro zai girma yana rantsuwa cewa a cikin zanen akwai matar mafarauci tana kuka, alhali malama ce ta ƙirƙiro ta don darasi ya yi daɗi.

A nan ne ma hanyar ta fi lalacewa, kuma malamin da ya iya ba da labari shi ya fi faɗawa ramin. Ya raɗa wa mafarautan sunaye, ya ƙago musu abokin gaba, ya kwaikwayi haushin kare, yara suna ta shewa. Alamar cewa an kauce tana da sauƙin ganewa: dubi inda idanun yara suke. In suna kan fuskar malami, labari ya cinye zanen. In suna kan takarda, wasu ma suna miƙa wuya, ana kan hanya.

Kayan aiki ma suna iya kashe darasin. Hoton da aka buga ƙarami a takardar rubutu ta yau da kullum yana shafe sawun zomo da gidan da ke cin wuta gaba ɗaya, kuma kwafin baƙi da fari yana kashe jan wutar nan da ke tsaye ita kaɗai a cikin fari da toka-toka mai ɗan kore. A buga shi da launi a babbar takarda, aƙalla ninki biyu na ta rubutu. Ajin da ya cika maƙil kuma sai an raba shi rukuni-rukuni, kowane ya matso bi da bi. Wata dabara mai arha ita ce a huda taga mai faɗin tafin hannu a jikin kwali, a riƙa ɗora ta a kan sashe guda na zanen, domin yaro ya daina ruɗewa da yawan abubuwa.

Ba kowane shahararren zane ne ke ɗaukar wannan hanya ba. Mona Lisa mace ce a zaune, ba abin da ke faruwa, kuma labarin da ake yawan ba yara game da ita, na sace ta da aka yi daga gidan adana zane na Louvre a 1911, yana wajen zanen ne. Haka Tutu ta Ben Enwonwu, zanen wata 'yar sarautar Ife da ya ɓace shekaru da dama kafin a gano shi a Landan a sayar a 2018. Labari ne mai daɗi, amma yaro zai iya maimaita shi tsaf ba tare da ya ɗaga ido ya kalli fuskar ba. Ga masu fara koyo, a nemi zanen da mutane ke wani aiki a cikinsa, wanda ake iya tambayar me ya faru kafin nan, me zai faru bayan nan. A kuma duba shi lungu-lungu kafin a kai aji, domin zanen Turai da yawa na ɗauke da tsiraici ko siffofin addini da iyaye ba za su lamunta ba.

Gwaji ba ya buƙatar alƙalami. A kife zanen, a ce yaro ya ba da labarin, a saurara ko zai ambaci abin da malama ba ta taɓa faɗa ba, kamar tsuntsun da ke shawagi a tsakiyar sama ko allon masauƙin baƙi da ya karkace yana reto da ƙugiya ɗaya. Bayan mako guda sai a kawo ɗan'uwansa daga jerin nan na 1565, na masu girbin alkama da ke gidan adana zane na Metropolitan a New York, inda wasu ke yanka, wasu na cin abinci a gindin itace, wani kuma ya miƙe yana sharar barci. Malama ta kafa shi, ta yi shiru. Abin da take jira shi ne yaron da zai ce zafi ake yi, sa'annan tun ba a tambaye shi ba ya tashi ya nuna mai barcin da mutumin da ya kafa kai yana shan abin da ke cikin tulu.