Waɗanda Suka Daina Zuwa Asibiti: Lissafin da Ke Tantance Ko Jinyar Tattaunawa Tana Aiki

Ana jinyar ciwon damuwa da na fargaba ta hanyar tattaunawa, inda majinyaci ke zama da ƙwararre mako-mako. Kafin a yarda cewa wata hanyar tattaunawa tana warkarwa, sai an gwada ta. Masu bincike kan raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, gida ɗaya a yi masa sabuwar jinyar, ɗayan ya ci gaba da kulawar da aka saba, sannan a riƙa auna kowa lokaci-lokaci. Ma'aunin da aka fi sani shi ne PHQ-9, takarda mai tambayoyi 9 da ke ba da maki daga 0 zuwa 27, kuma yawan maki na nufin tsananin damuwa.

Bayan an tara makin, hanyoyin lissafi biyu ne a gaban mai bincike. Ta farko ita ce ANOVA ta maimaita awo, wadda asalinta ke komawa ga aikin Ronald Fisher a shekarun 1920. Tana kwatanta matsakaicin makin gidajen biyu a kowane zango. Ta biyu ita ce lissafin gauraye, wanda Nan Laird da James Ware suka shimfiɗa yadda za a yi amfani da shi a irin wannan bincike a 1982. Shi yana zana layin tafiyar gida gaba ɗaya, kuma yana barin kowane mutum da nasa layin: inda ya faro da saurin da yake samun sauƙi. Babban abin da ke raba hanyoyin biyu shi ne yadda kowacce ke yi da mutumin da ya daina zuwa.

Daina zuwa kuwa ruwan dare ne. A 2012 Joshua Swift da Roger Greenberg sun tattara nazarce-nazarce 669, suka gano kusan mutum ɗaya cikin biyar yana barin jinyar tattaunawa kafin a kammala. ANOVA ba ta karɓar giɓi. Wanda ya rasa awo ko da ɗaya ne, manhaja za ta cire shi baki ɗaya tare da duk makin da aka riga aka samu daga gare shi.

Mu ƙaddara gwaji mai mutum 120, kowane gida 60, ana awo ranar farawa, sai mako na 4, na 8 da na 12. A gidan kulawar da aka saba kowa ya zo, kuma makinsu ya ragu da 4. A gidan sabuwar jinya mutum 45 sun kai ƙarshe, makinsu ya ragu da 8. Sauran 15 sun zo har mako na 8, suka ga babu wani canji, suka yanke ƙafa. A ce da an same su a mako na 12, da raguwarsu ba ta wuce 2 ba.

ANOVA za ta duba mutum 45 kaɗai, ta ce jinyar ta fi kulawar da aka saba da maki 4. Amma idan aka haɗa kowa, 45 sau 8 ya ba da 360, 15 sau 2 ya ba da 30, jimilla 390, a raba wa mutum 60 a samu 6.5. Ke nan ainihin ratar 2.5 ce. Tamkar makaranta ce da ta hana ɗalibanta marasa ƙoƙari zama jarrabawa, sannan ta yi shelar cewa kowa ya ci. An kuma zubar da awo 45 da mutanen nan 15 suka bayar, bayan sun amsa tambayoyi masu nauyi game da barcinsu, cin abincinsu da tunanin mutuwa.

Lissafin gauraye yana riƙe waɗannan awon. Yana ganin layin mutanen 15 a kwance yake tun farko, yana kuma ganin yadda masu irin wannan layin da suka tsaya suka ƙare, don haka amsarsa za ta matso kusa da 2.5. A manhajar SPSS sunan umarnin MIXED, a manhajar R kuwa ana rubuta shi haka da kunshin lme4:

```r
lmer(phq9 ~ mako * gida + (mako | mutum), data = bayanai)
```

Ɓangaren `mako * gida` shi ke tambayar ko saurin samun sauƙi ya bambanta tsakanin gidajen. Ɓangaren `(mako | mutum)` shi ke ba kowa mafarinsa da saurinsa. Da yake mako lamba ce a nan, wanda ya makara ya zo a mako na 5 sai a rubuta masa 5. A ANOVA dole a tura shi gurbin mako na 4 ko a bar gurbin fanko.

Akwai wata dabara ta dā, wato a ɗauki makin mutum na ƙarshe a cike masa sauran guraben da shi. Wannan zato ne cewa ciwon ya tsaya cik daga ranar da ya tafi. Rahoton Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka na 2010 ya yi gargaɗi kan ɗaukar ta a matsayin babbar hanya ba tare da hujja ba.

Matsala ta biyu ita ce masu jinyar kansu. Hannu ya fi hannu, kuma majinyatan mutum ɗaya sukan yi kama da juna a sakamako. A ce ƙwararru 6 ne suka raba mutum 60 ɗin nan, kowa 10, kuma kashi 5 cikin 100 na bambancin sakamako daga mai jinya yake. Lissafi ya nuna darajar mutum 60 ɗin ta koma kamar ta mutum 41. Wanda bai saka wannan ba zai yi iƙirarin tabbacin da bai samu ba. A lissafin gauraye ƙarin `(1 | mai_jinya)` ke ɗaukar wannan nauyi. Haka ma idan asibitoci aka yi wa ƙuri'a maimakon mutane, kamar a gwajin Friendship Bench na Dixon Chibanda a Harare, wanda aka yi a ɗakunan shan magani 24.

Sai dai lissafin gauraye ma yana da iyaka. Ya dogara ne da zaton cewa dalilin tafiyar mutum ya bayyana a bayanan da aka riga aka tara. Idan wata tana samun sauƙi har mako na 8, sai aka yi mata rasuwa, ciwon ya dawo, ta kasa fitowa, lissafin zai ci gaba da ja mata layin sauƙi. Bayanan da ke hannu ba za su tona wannan ba. Shi ya sa ake rubuta dalilin tafiyar kowa, a bi sawunsa ta waya, a kuma sake lissafi da zaton cewa waɗanda suka tafi sun fi muni da maki 2, ko 4, a ga ko sakamakon zai tsaya. Ƙaramin gwaji na mutum 20 shi ma yakan gagare shi: manhaja ta yi gargaɗin cewa ta kasa daidaitawa, sai an sauƙaƙa tsarin.

ANOVA tana da wurinta. Idan kowa ya zo, an auna kowa lokaci ɗaya, kuma zangunan kaɗan ne, amsarta da ta lissafin gauraye mafi sauƙi kusan ɗaya ce. Ko a nan ɗin akwai sharaɗi: tana zaton yaɗuwar bambancin maki tsakanin kowane zango biyu iri ɗaya ce, alhali makin mako na 8 ya fi kusa da na 12 fiye da na ranar farko. Gyaran Greenhouse da Geisser na 1959 yana rage wannan illa, amma ba ya dawo da wanda aka cire.

Saboda haka, mai bincike ya zaɓi hanyarsa a rubuce tun kafin ya ga sakamako, kuma a gwajin jinyar da ake sa ran wasu za su daina zuwa, lissafin gauraye ya fi cancanta. Mai karanta rahoto kuwa ya nemi lambobi biyu: mutum nawa aka yi wa ƙuri'a, mutum nawa suka shiga lissafin ƙarshe. Idan ta biyun ta gaza ta farkon sosai, kuma rahoton bai faɗi su wa suka tafi da dalilin tafiyarsu ba, kada a gina shawarar asibiti a kansa.