Idan lissafin allo ya saɓa da kuɗin aljihun tebur

Ɗan kasuwan da ke da shago biyu ko uku ba ya iya zama a dukkansu, shi ya sa wasu suka koma rubuta ciniki ta waya. Yaron shago zai buɗe fom na Google Forms, ya cike abin da ya sayar, ya danna Submit. Nan take bayanin ya faɗa cikin takardar lissafi ta Google Sheets, a shafin da ake kira Form Responses 1, kowane ciniki da layinsa. Daga wannan shafi ne allon taƙaita ciniki ke ɗebo alƙaluma, mai shago ya ga jimillar yau yana zaune a gida.

Allon iri biyu ne. Idan an gina shi a cikin Google Sheets ɗin kanta, da sabon layi ya shigo jimilla za ta canja. Idan kuwa a Looker Studio yake, yakan riƙe tsohon lissafi na ɗan lokaci, bisa al'ada minti 15, kafin ya sake leƙa takardar. Mai gaggawa sai ya danna Refresh data. Jinkirin sabuntawa ke nan, kuma a ganina ba kasafai shi ne ke kawo rigima ba. Rigimar tana wajen shigar da bayani.

A ce mai shagon kayan masarufi ya ƙirga cinikin Talata ya samu naira 412,000, amma allo ya tsaya a 337,000. Ya sabunta, ya sake sabuntawa, shiru. Kafin a fara yi wa yaro kallon ɓarawo, a buɗe shafin amsoshin a bi ginshiƙin kuɗi da ido. Lambobi na jingina ne a dama, rubutu kuma a hagu. Can tsakiya sai a ga wani ciniki na shinkafa ya maƙale a hagu, don yaron ya rubuta 45k maimakon 45000. A wurin takardar wannan rubutu ne kawai, kuma tana tsallake shi wajen tarawa ba tare da ta ce uffan ba. Maganinsa yana cikin fom: a tambayar kuɗi a kunna Response validation, a zaɓi Number, daga nan fom ba zai karɓi harafi ba. Haka sunan kaya da na shago, a mai da su na zaɓi, domin "sukari" da "suga" kaya biyu ne a idon allo.

Saura 30,000. Ita ce ta fi wuyar ganowa. Fom ɗin ba ya tura komai sai da intanet, kuma ginshiƙin farko, Timestamp, lokacin da saƙo ya isa yake rubutawa, ba ruwansa da lokacin da aka yi ciniki. Yaron ya sayar da man gyaɗa bayan la'asar, datarsa ta ƙare, bai samu turawa ba sai da safiyar Laraba. Allon da ya dogara da Timestamp sai ya ɗora kuɗin a kan Laraba: Talata ta yi giɓi, Laraba ta yi rara. Don haka a sa tambaya ta musamman, "Ranar ciniki", a tilasta cike ta, allo ya riƙa lissafi da ita. Idan ranar tana ginshiƙin B, kuɗi a E, ga abin da zai ba da cinikin yau:

```
=SUMIFS('Form Responses 1'!E:E,'Form Responses 1'!B:B,TODAY())
```

A lura an rubuta E:E, wato ginshiƙin baki ɗaya.  A kuma ajiye wannan lissafi a wani shafi dabam, a bar shafin amsoshi ga fom shi kaɗai, yara kuma a ba su mahaɗin fom kawai ban da izinin gyara takardar.

Wani lokaci kuma allo ne ke zarce kuɗin hannu. Yawanci sadarwa ce ta yi nauyi, yaro bai ga alamar tura saƙo ba, ya sake cikewa. Za a ga layi biyu iri ɗaya, tazarar daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna a tsakaninsu. A tambaye shi, sannan a goge ɗaya. Idan babu maimaici, a duba ko bashi aka bayar ko tiransifa aka yi, domin fom ɗin da bai tambayi yadda aka biya ba zai haɗe su duka da tsabar kuɗi.